Sandar Awo Ta Nuna Kwata, Amma Ruwan Bai Kai Kwata Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da rijiyar burtsatse a unguwar Zariya nan Maraɗi, ina sayar wa 'yan ga-ruwa da ruwa. Shatona na ƙarfe ne, kwance yake bisa ƙafafu, faɗin cikinsa santimita 160, tsawonsa 250, mai walda ya ce lita 5000 yake ci. Rannan na tsoma sanda na ga ruwa ya tsaya a santimita 40, wato kwata, na lissafa bido 50 na lita 25, amma yaron da ke tsare famfo ya kawo mini kuɗin bido 34 ya ce ruwa ya ƙare. Shin cutata yake yi, ko lissafina ne ba daidai ba? Akwai kuma tankin roba na tsaye a gida, shi yaya ake gane litar da ta rage a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka yi wa yaron nan faɗa tukuna. Bisa awon da ka bayar, bido 34 shi ne kusan abin da ya kamata ya fito, kuma bido 16 da kake nema ba su taɓa shiga hannunsa ba. Goma sha ɗaya daga ciki babu su a tankin tun farko, sauran biyar kuma ina kyautata zaton suna nan kwance a gindin shato har yanzu, ƙasa da bakin bututun da ruwa ke fita.

Bari mu fara da na gida, domin shi ne mai sauƙi, kuma daga gare shi ne mutane suke ɗauko lissafin da ke ɓatar da su a kan na kwance.

Tanki mai siffar ganga idan yana tsaye, faɗinsa ɗaya ne tun daga gindi har wuya. Saboda haka kowane santimita na tsayin ruwa yawan lita iri ɗaya yake riƙewa da ɗan'uwansa, ko a ƙasa yake ko a sama. Aikinka kawai shi ne ka gano lita nawa ke cikin santimita guda. Ka auna faɗin tankin daga ciki, bango zuwa bango ta tsakiya, ka raba biyu. Wannan rabin faɗin ka ninka shi da kansa, sannan ka ninka da 3.1416. Abin da ya fito shi ne filin gindin tankin. Ka raba shi da 1000, domin lita ɗaya daidai take da ɗan akwati mai santimita 10 a tsawo, 10 a faɗi, 10 a tsayi, wato 1000 ke nan idan an ninka su.

Tunda ba ka faɗi awon na gidan ba, mu ɗauki wanda faɗin cikinsa santimita 140 ne. Rabinsa 70. 70 sau 70 ya ba da 4900. 4900 sau 3.1416 ya ba da 15394. A raba da 1000, an samu lita 15.4 a kowane santimita. Shi ke nan, wannan lamba ita za ka rubuta da fenti a jikin tankin. Idan bututun ambaliya yana santimita 130 daga gindi, cikarsa 130 sau 15.4, lita 2000 da 'yan kai. Idan ka tsoma sanda ta jiƙe zuwa santimita 85, akwai lita 1309 ko kusa da haka. Idan bakin famfon yana santimita 10 sama da gindi, lita 154 ba za su fito ta famfo ba, abin da za ka mora shi ne 75 sau 15.4, lita 1155.

Wahalar tankin roba ita ce bakinsa ƙarami ne, ba za ka iya shimfiɗa mita a ciki ka auna faɗi ba. Sai ka zagaye cikinsa da igiya ko mitar tela daga waje, a wurin da jikin yake sumul, ba bisa ƙusoshin nan da ake yi masa don ƙarfi ba. Ka raba kewayen da 3.1416. A ce ka samu santimita 443, faɗin waje ya zama 141. Ka ɗebe kaurin bango sau biyu, na wannan gefe da na wancan. Idan kaurin rabin santimita ne, an koma 140. Ka natsu a wannan awon fiye da kowane, domin faɗi ninka shi ake yi da kansa, kuskurensa ma ninkuwa yake. Wanda ya rubuta 145 a maimakon 140 ya ƙara wa tankinsa kusan kashi 7 cikin 100, sama da lita 140 da babu su. Kuskuren santimita biyar a tsayi kuwa lita 77 ne kawai. Igiyar leda mai miƙewa ba ta aikin nan. Kuma kada ka sa tulluwar saman tanki cikin tsayi, a nan jikin ya riga ya fara tsukewa, lita 15.4 ta daina aiki.

To, yanzu ga shato.

Cikarsa ba ta da wata gardama. Ko tsaye ko kwance, hanyar ɗaya ce: 80 sau 80 ya ba da 6400, sau 3.1416 ya ba da 20106, sau tsawo 250 ya ba da 5026500, a raba da 1000, lita 5027. Mai waldarka bai yi maka ƙarya ba. Rabi ma ba shi da gardama: sanda ta nuna 80, akwai lita 2513, domin rabin sama da rabin ƙasa siffarsu ɗaya. Daga waɗannan wurare biyu, sai kuma fanko, babu inda tsayin ruwa ya dace da yawansa kai tsaye.

Ka tsaya ta gefen shaton ka dubi fuskarsa mai da'ira. Can ƙasa a tsuke take, tana buɗewa a hankali har tsakiya, sannan ta sake tsukewa zuwa sama. Kamar ƙwarya ce: yatsa ɗaya na nono a gindinta bai kai yatsa ɗaya na kusa da baki ba. A tankinka, santimita na farko daga gindi lita 4 kacal yake riƙewa. Idan ruwa ya kai santimita 16, faɗin samansa daga bango zuwa bango santimita 96 ne, kowane santimita a nan yana riƙe lita 24. A santimita 40 faɗin saman ruwan ya kai kusan 139, lita 35 ke nan a santimita. A tsakiya sosai, inda ruwa ya shimfiɗu faɗin 160 da tsawon 250, santimita ɗaya lita 40 ne. Santimita goma na gindi gaba ɗaya lita 131 suke ci, alhali santimita goma na tsakiya, daga 75 zuwa 85, suna cin lita 400. Wannan ne ya sa masu irin shatonka suke cewa ruwa yana daɗewa a tsakiya, amma da ya gangaro ƙasa sai ya zube kamar an huda tankin. Ba hudawa aka yi ba, wurin ne ya tsuke.

An yi sa'a santimita 40 da ka auna lamba ce da ake iya lissafawa da hannu, don haka bari mu bi ta daki-daki. Ka zana da'ira a takarda, ka ja layi a kwance inda saman ruwa yake. Tsakiyar da'irar tana santimita 80 daga gindi, ruwan yana 40, ke nan tsakanin tsakiya da saman ruwa akwai santimita 40. Daga tsakiyar ka ja layi biyu zuwa wurare biyun da ruwa ya taɓa bango, hagu da dama. Kowane layi tsawonsa 80. Layukan nan biyu sun yanko wani yanki na da'irar wanda ya tsuke a tsakiya ya buɗe zuwa gindi. Ruwanka yana cikin wannan yankin, amma bai cika shi ba, domin sama da ruwan akwai fili mai kusurwa uku wanda iska ce kawai a cikinsa. Filin ruwa shi ne yankin duka, a ɗebe mai kusurwa ukun.

Idan tazarar tsakiya zuwa saman ruwa ta zama rabin 80 daidai, kamar yadda take a nan, layukan biyu suna buɗewa digiri 120, wato kashi ɗaya cikin uku na da'ira. 20106 a raba uku, 6702. Sai mai kusurwa ukun. Tsayinsa 40. Rabin gindinsa ana samunsa da ƙa'idar Fitagoras da ake koyarwa a kwaleji: 6400 a ɗebe 1600, saura 4800, lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 4800 kuwa ita ce 69.28. Filinsa 40 sau 69.28, wato 2771. A ɗebe 2771 daga 6702, saura 3931. A ninka da tsawon tanki 250, a raba da 1000. Lita 983.

Kai kuma kwatar 5027 ka ɗauka, lita 1257. Bambancin lita 274 ne, bido 11. Kwatar tsayi a tankin kwance kashi 19.55 cikin 100 na ruwan take riƙewa, bai ma cika kashi ɗaya cikin biyar ba. Kuma ba tankinka kaɗai ba, kowane tanki mai zagayayyen jiki da shafaffun fuskoki haka yake, har tanon lita 200 da ake kwantarwa bisa amalanke.

Lita 983 bido 39 ne da ɗan saura. Yaron ya sayar da 34, lita 850. Tsakaninsu lita 133. Ka tuna na ce santimita goma na gindin tankinka lita 131 suke ci. Lambobin nan biyu sun yi kusa da juna fiye da a ce katari ne. Ka sa a hau a duba inda bututun fita yake. Masu walda da yawa ba sa huda shi a can ƙasa sosai, suna ɗaga shi kaɗan a jikin fuskar tankin don kada laka da tsatsa su bi ruwa zuwa famfo, kuma dabara ce mai kyau. Idan ka tarar ƙasan bakin bututun yana wajen santimita 10 daga gindi, lissafi ya rufe: 983 a ɗebe 131, saura 852, bido 34 cif. Hanya mafi sauƙi ma ita ce, ranar da famfo ya daina zuba, a tsoma sanda. In ta fito da jiƙa ta wajen santimita goma, magana ta ƙare. In kuwa ta fito a bushe, to akwai bido biyar da za a bincika, kuma kafin a kai ga aljihun kowa sai a fara duba yawan ruwan da ake zuba wa kowane bido. Bidon nan rawaya na mai, idan aka cika shi har baki, ya kan ɗauki fiye da lita 25, musamman wanda rana ta kumbura cikinsa. Ƙarin lita ɗaya a kowane bido, a bido 34, ya fi bido guda. Ga kuma wanda ke zuba a ƙasa lokacin da ake canza bido ba a rufe famfo ba.

Ga sauran tsayin da ba 40 ba, kusurwar ba ta fitowa lamba mai daɗi, dole a nemi na'urar lissafi irin ta 'yan makaranta, ko wadda ke cikin waya idan aka juya ta a kwance. Ga ƙa'idar, inda R yake rabin faɗi, L tsawon tanki, h tsayin ruwa, dukansu da santimita:

```
V = L × [ R² × arccos((R − h) / R) − (R − h) × √(2Rh − h²) ] / 1000
```

Ba wani sabon abu ba ne, zanen ɗazu ne aka rubuta da haruffa: ɓangaren farko shi ne yankin da'ira, na biyu shi ne mai kusurwa uku. Tana aiki har idan ruwa ya wuce rabi, domin a nan R − h yana komawa ƙasa da sifili, ɗebewar ta zama ƙari da kanta. Inda ake faɗawa rami shi ne na'urar. Dole ta kasance a kan RAD, ba DEG ba. A kan RAD, arccos na 0.5 yana ba da 1.0472. A kan DEG yana ba da 60, kuma idan ka ci gaba da wannan 60 za ka tarar tankinka na lita 5000 wai yana riƙe da sama da lita 95000. Da ka ga amsa ta fi cikar tanki, can ne matsalar. In na'urar ta ƙi barin DEG, ka ninka abin da ta ba ka da 0.017453 kafin ka ci gaba. Wanda ke da Excel na Faransanci, irin wanda ya fi yawa a ofisoshinmu, sai ya sa tsayin ruwa a A1 ya rubuta wannan a B1:

```
=250*(80^2*ACOS((80-A1)/80)-(80-A1)*RACINE(160*A1-A1^2))/1000
```

A na Ingilishi SQRT ake sawa a gurbin RACINE.

Sai dai ni ban ga amfanin a ce kullum da safe mutum yana ƙarƙashin shato yana fama da arccos ba. Sau ɗaya ake yin lissafin, a mayar da shi jikin sanda. Ga na tankinka, an raba tsayin gida goma, an ƙara da kwata biyun:

santimita 16, lita 262
santimita 32, lita 716
santimita 40, lita 983
santimita 48, lita 1268
santimita 64, lita 1878
santimita 80, lita 2513
santimita 96, lita 3149
santimita 112, lita 3758
santimita 120, lita 4044
santimita 128, lita 4311
santimita 144, lita 4765
santimita 160, lita 5027

Ka lura kwatar ruwa ta gaskiya tana wajen santimita 48, ba 40 ba. Ka kuma lura abin yana juyawa a sama: a santimita 120, inda ido zai ce kashi uku cikin huɗu, ruwan ya haura kashi 80 cikin 100. Wato lissafinka na da yana zarce gaskiya idan ruwa ya yi ƙasa, yana kuma gaza ta idan ruwa ya yi sama. Da a santimita 120 ka tsoma sandar rannan, ka ƙirga abin da aka sayar har zuwa rabi, da yaron ya kawo maka kuɗin da ya fi zatonka da bido goma sha ɗaya.

Idan sanda ta faɗa tsakanin lamba biyu, sai a raba tazarar. A ce santimita 55. Yana tsakanin 48 da 64, ya haura 48 da 7 cikin 16. Tazarar litar 610 ce, kashi 7 cikin 16 nata 267, a ƙara bisa 1268, lita 1535. Ƙa'idar kanta tana ba da 1530. Lita biyar ba abin da za a tsaya a kai ba ne. A gidan farko da na ƙarshe ne kawai, daga gindi zuwa 16 da daga 144 zuwa sama, wannan rabon yake kaucewa sosai, domin a nan bangon yake lanƙwasa da sauri.

Mai wani tankin daban zai iya aro wannan jeri ta hanyar kashi. Ya raba tsayin ruwa da faɗin tanki. Kashi 10 na tsayi yana riƙe kashi 5.2 na ruwa, 20 yana riƙe 14.2, 30 yana riƙe 25.2, 40 yana riƙe 37.4, 50 yana riƙe 50. Na sama da rabi kuma sai a lissafa fankon da ya rage a ɗebe daga 100: kashi 70 na tsayi fankonsa 30 ne, 100 a ɗebe 25.2, saura 74.8. Tankin motar ruwa wanda faɗinsa ya fi tsayinsa ma waɗannan kason suna yi masa aiki, muddin lanƙwasarsa ta tafi sumul ba tare da miƙaƙƙen gefe ba, sai dai a nan da tsayin tankin ake raba tsayin ruwa, ba da faɗinsa ba. Cikarsa ce kawai ake lissafawa daban: faɗi sau tsayi sau tsawo sau 0.7854, a raba da 1000.

Tunda ruwan sayarwa kake yi, ni da bido zan rubuta sandar, ba da lita ba, kuma in fara ƙirga daga bakin bututun fita. In ya tabbata santimita 10 ne, kowace lamba a ɗebe mata 131 sannan a raba da 25. Santimita 40 ya zama 34, santimita 80 ya zama 95, santimita 120 ya zama 156. Da safe a tsoma a rubuta, da yamma a tsoma a rubuta, bambancin shi ne abin da ya fita, in dai famfon rijiyar bai zuba sabon ruwa a tsakani ba. Idan naka mai aiki da hasken rana ne, yana zubawa ana ɗiba duk yini, sanda ba za ta iya raba maka gardama ba, sai dai ka sa kwantar a bututun fita. Baƙaƙen lambobinta mita kubik suke ƙirgawa irin wanda ake rubutawa a takardar kuɗin ruwa, kowane ɗaya lita 1000, bido 40 ke nan, jajayen kuma su ne abin da bai cika ɗaya ba.

Sandar ta zama busasshen katako miƙaƙƙe, marar fenti mai sheƙi, don jiƙar ta fito fili. A yi tsagar da wuƙa ko zarto, alli da biro gogewa suke. A riƙa tsoma ta a miƙe har ta taɓa gindi sosai. Idan ƙofar da ake buɗewa ba a tsakiyar bayan tankin take ba, sandar za ta sauka bisa gangaren bango, ba can ƙasa ba, ta nuna ƙasa da abin da ke akwai. In hawa yana da wuya, a ɗaura farin tiyo irin na magina daga ƙasan tankin a miƙar da shi sama a jikin fuska, bakinsa a buɗe, a yi tsagar a katako a bayansa. Ruwa zai tsaya a cikinsa daidai da na ciki. Amma idan daga bututun fita aka reshe shi, a rufe famfo kafin a karanta, domin ruwa na gudu tiyon yana nuna ƙasa da gaskiya. Rana kuma tana sa gansakuka ta toshe shi, sai a riƙa wankewa.

Abu biyu ne ke iya sa jerin da na ba ka ya kauce, kuma dukansu ido yana ganinsu. Na farko fuskokin tankin. Na ɗauka shafaffu ne, faranti aka yanka aka liƙa. Idan sun kumburo waje, kowace tana ƙara ruwa. Kumburin santimita 10 a fuska mai faɗin 160 yana ƙara kusan lita 100, wato kusan rabin abin da santimita 10 na miƙaƙƙen jiki zai ci. Saboda haka sai ka auna miƙaƙƙen jikin daga walda zuwa walda, ka ƙara rabin kumburin kowace fuska. Fuska biyu masu kumburin 10, tsawon da za ka sa a lissafi 260 ne a maimakon 250. A cike da kuma a rabi wannan ya yi kusa ƙwarai. A can ƙasa yana ɗan zarcewa, domin kumburin a tsakiya ya fi zurfi.

Na biyu karkata. Ƙasar Maraɗi rairayi ce, ƙafafun da ke ɗauke da tan biyar na ruwa, ban da nauyin ƙarfen, suna iya nutsewa ta gefe ɗaya bayan damina. Wani lokaci ma da gangan ake ɗan karkatar da tanki zuwa wajen magudanar wanki. A ce wani gefe ya fi ɗaya ƙasa da santimita 4. Wanda ya tsoma sanda a can ƙarshe zai samu bambancin santimita 2 da na tsakiya, kuma idan ruwa yana wajen rabi, santimita biyun nan lita 80 ne, bido uku da wani abu. Idan ƙofar tana tsakiyar tsawon tankin, karkata kaɗan ba ta cika ɓata awo ba, abin da wannan gefe ya ƙara wancan ya rage. Idan tana gefe, a ɗora abin duba daidaito na magina a bayan tankin a gani. Karkatar tana shafar ruwan da ke maƙalewa a gindi ma: in ta yi wajen bututun fita ya ragu, in ta yi ɗaya gefen ya ƙaru.

In ka tarar tankin ya lotsa, ko fuskokin sun kumbura ga kuma karkata, kada ka wahalar da kanka da gyaran lissafi. Ka zubar da ruwan har famfo ya daina zuba, ka yi tsaga ta farko a inda jiƙar ta tsaya, sannan ka riƙa shigar da ruwa ta kwantar, duk lita 250 ka tsayar ka yi tsaga. Kowace tsaga bido goma ke nan. Za ka ga tsagogin sun yi nesa da juna a ƙasa, sun matsu a tsakiya har tazararsu ta dawo wajen santimita shida, sannan sun sake buɗewa a sama. In suka fito da tazara ɗaya tun daga ƙasa har sama, an yi kuskure a wani wuri. In babu kwantar sai da bido, a ɗora bidon a sikeli fanko, a zuba ruwa har nauyin ya ƙaru da kilo 25, a yi masa alama a nan, domin litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Da wannan bidon kaɗai za a yi awon.

Tunda tsakiyar tankinka lita 40 ce a santimita, za ka iya auna ƙarfin famfon rijiyarka da ita ba tare da sayen komai ba. Ka rufe fita, ka duba agogo lokacin da ruwa ya kai santimita 70, ka sake dubawa idan ya kai 90. Tsakanin nan lita 798 ne, ka ce 800. In ya ɗauki minti 24, famfon yana ba da lita 2000 a awa. Ka rubuta, ka sake gwadawa bayan wata biyu a daidai wannan lokaci na rana, tunda mai hasken rana ƙarfinsa na hantsi daban da na la'asar. Yoyo ma haka ake kama shi: a bar ruwa a wajen santimita 80 da dare, komai a rufe, a tsoma da asuba kafin famfo ya tashi. Duk santimita ɗaya da ya sauka lita 40 ne suka tafi. In babu jiƙa a ƙasan shato ko a bin bututu, kuma ruwan ta ƙasan tanki yake shigowa, a duba bawul ɗin da ke hana ruwa komawa rijiya.